Nazarin lamari: inda tukwicin wani mai kai abinci a Abuja ya riƙa maƙalewa

Janairu 2025: mutumin da yarjejeniyarsa

Matashi ne ɗan shekara 27, mutumin karkarar Zariya, yana kwana a Dei-Dei. Ya yi shekaru yana acaɓa tsakanin Dei-Dei da Kubwa, domin tun 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birnin Abuja. Masu kai saƙo da akwati a bayan babur su ne ke da damar ratsa Wuse da Maitama da Garki, idan takardunsu sun cika. Ranar Litinin 13 ga Janairu ya fara kai abinci da ɗaya daga cikin manhajojin da ake yin oda da su a garin. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, haka shi ma mutumin.

Babur ɗin ba nasa ba ne. Na wani Alhaji ne mai babura shida, wanda ya yi musu rajista da kamfanin a ƙarƙashin asusu guda da sunansa. Kowane direba yana da lambar shiga manhajar a wayarsa, yana karɓar oda, yana ganin taswira, amma kuɗin duka shidan asusun bankin Alhaji suke faɗawa. Yarjejeniyar ta baki ce: duk abin da babur ya kawo a mako, direba ya ɗauki kashi 60 cikin 100, Alhaji ya ɗauki 40. Mai a wuyan direba yake, a lokacin lita tana wajen naira 900. Taya da baƙin mai da takardu a wuyan Alhaji. Wani ɗan ƙanen Alhaji, ɗalibi, shi ke riƙe da littafi, shi ke rabon kuɗi ranar Talata.

A wannan zama babu wanda ya ambaci tukwici. Direban ya saba da acaɓa, inda idan fasinja ya ce "riƙe canjin" magana ta ƙare a tafin hannu. Alhaji kuwa a wurinsa kuɗin babur shi ne adadin da alat ya nuna.

Yadda kuɗin oda guda ke tafiya

Kafin a bi labarin, sai an fahimci hanyar da kuɗi ke bi, domin duk rikicin a cikinta ya ɓuya. Ga oda guda daga cikin nasa, wadda daga baya muka ga rasit ɗinta. Wata mata a Gwarinpa ta sayi abinci na naira 9,000 daga wani gidan abinci a Jabi. Manhaja ta ɗora mata 1,500 kuɗin kaiwa da 500 kuɗin hidima. Kafin ta biya, allo ya tambaye ta ko za ta ƙara wa mai kawowa wani abu, ta zaɓi 1,000. Jimla 12,000, kuma sau ɗaya aka cire su daga katinta.

Kuɗin nan ba wurin direba suka nufa ba, ba kuma wurin gidan abincin ba. Kamfanin da ke sarrafa biyan kuɗi ta kati shi ne ya fara karɓarsu, irin su Paystack da Flutterwave, ya cire ladansa, sannan ya tura sauran zuwa asusun kamfanin manhajar, galibi a ranar aiki ta gaba. Don a san girman ladan: farashin da Paystack ya wallafa na katin gida shi ne kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, wato 280 a kan odar 12,000. Wannan tsakanin kamfanonin biyu ne. A lamarin da muke nazari ba a taɓa zaftare shi daga tukwici ba.

Abin da ke faruwa a cikin manhajar nan take rubutu ne kawai a littafin kamfani. A rubuta wa gidan abinci kuɗinsa bayan an cire kamasho, a rubuta wa mai kaiwa ladansa, a rubuta masa tukwicinsa a layi na daban. Adadin da ake gani a ƙarƙashin `Wallet` alkawari ne na abin da ake bin kamfani, ba kuɗi ne a hannu ba, sai ranar da aka tura shi banki. Wannan kamfanin yana rufe makonsa da ƙarfe 12 na daren Lahadi, ya biya ranar Talata. Wasu kamfanonin kullum suke biya ko su bar direba ya cire lokacin da ya ga dama, kowa da tsarinsa.

Akwai wani abu kuma da ya daɗe yana ruɗa direbobin: kuɗin kaiwa da kwastoma ya biya daban yake da ladan direba. Matar nan ta biya 1,500, amma an rubuta wa tafiyar 1,250, wato 500 na ɗaukar oda da 150 a kan kowace kilomita har biyar. Wata rana kuma abin ya juye, kwastoma ya samu rangwame ya biya 700, direba ya samu 1,400 saboda nisa. Manhajar tana lissafa biyun ne kowanne da ma'auninsa.

Tukwici kuwa ƙofa biyu yake shigowa. Ta farko ita ce wadda matar ta bi, a sa shi kafin a biya, ya tafi tare da kuɗin oda a cira guda. Ta biyu ita ce bayan an kawo kaya, lokacin da manhaja ta nemi kwastoma ya ba direba taurari, ta sake tambayarsa ko zai ƙara wani abu. Wannan cira ce sabuwa daga kati, mai zaman kanta. Tana iya wucewa, tana iya faɗuwa idan babu kuɗi a asusun ko banki ya ƙi, tana kuma iya zuwa kwana biyu bayan tafiyar idan sai a lokacin mutum ya sake buɗe manhajar.

A wayar direban, bayan kowace tafiya, adadi guda ke fitowa a dunƙule. A odar Gwarinpa 2,250 ya gani, babu abin da ya nuna masa cewa 1,000 daga ciki kyauta ce. Tukwicin da ya zo daga baya kuwa ba ya komawa ya gyara adadin tsohuwar tafiya, don haka ko alamarsa ba ya gani. Cikakken bayani layi-layi yana cikin takardar mako da ake aika wa mai asusu ta imel, wato Alhaji.

Maris: "Ai na sa maka a ciki"

Azumi ya kama ranar 1 ga Maris. Daga la'asar zuwa magariba oda ba ta yankewa, kuma hannun mutane a sake yake. A nan ya fara jin wata magana tana maimaituwa a bakin ƙofa. Wani ma'aikaci a Wuse II ya karɓi ledarsa ya ce, "Malam, na sa maka na shan ruwa a ciki." Matar Gwarinpa, wadda ta zama mai yawan oda, ta ce masa, "Ɗana, ka dai ga abin da na ƙara maka ko?" Ya ce, "Na gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri," alhali bai ga komai ba.

Ya ƙirga a ransa. A mako na biyu na azumi mutum tara suka faɗa masa haka. Ranar Talata ɗan ƙanen Alhaji ya turo masa kasonsa, adadi guda, babu bayani. Ya ɗan fi na makon baya, amma tafiye-tafiyen ma sun fi yawa, don haka ba ya iya cewa ga abin da ya ƙaru saboda kyauta.

Zatonsa na farko shi ne masu odar faɗa kawai suke yi don a rabu lafiya. Da ya kai maganar majalisarsu, inda direbobi ke jiran oda a ƙarƙashin bishiyoyin bakin titin Aminu Kano, sai ra'ayi ya karkata wani wuri. Yawancinsu suka ce kamfani ne ke cinyewa. Wani ya ce shi yana ganin nasa a rubuce, amma shi da babur ɗinsa da sunansa ya yi rajista. Babu wanda ya tsaya a kan wannan bambancin a lokacin.

Afrilu: hanyoyi biyu da ba su ɓulle ba

Bayan ƙaramar Sallah ya kira layin taimako na kamfanin. Wadda ta ɗauka ta nemi imel ɗin da aka buɗe asusun da shi, bai sani ba. Ta ce tana ganin tafiye-tafiyensa, amma bayanin kuɗi na mai asusu ne, ba za ta karanta wa wani ba. Ta ƙara da cewa duk tukwicin da aka cire daga katin kwastoma ana rubuta shi gaba ɗaya a asusun da ya yi tafiyar. Shi a kunnensa wannan kora da hali ce. Daga baya ne ya bayyana cewa ta ba shi amsar tambayarsa daidai, shi ne bai lura da kalmar "asusu" ba.

Sai ya ɗauki shawarar majalisa. Ya rubuta lambar asusunsa a kwali ya manna a murfin akwati, ya riƙa ce wa mutane idan za su yi masa alheri su turo kai tsaye. Ya yi mako uku a haka, ya tara naira 4,200.

Dalilan da suka hana abin tafiya a bayyane suke ga wanda ya san unguwannin. A rukunin gidajen Maitama da Asokoro da Jahi sau da yawa ba ya ganin mai oda, a hannun mai gadi yake barin leda. Wanda ya riga ya sa tukwici wajen biya ba zai sake tiransifa ba, wasu ma sun ji haushi kamar ana neman su biya sau biyu. Sannan danna adadi a allon da ka riga ka buɗe abu ne na daƙiƙa biyu, shi kuwa buɗe manhajar banki da kwafe lamba goma a tsaye a rana sai mai niyya ƙwarai. Wani mutum ya kai ƙara cewa direba yana roƙo, aka turo gargaɗi ta hannun Alhaji, taurarinsa suka sauko daga 4.8 zuwa 4.6. Ya cire kwalin a ƙarshen watan.

12 zuwa 18 ga Mayu: mako guda a rubuce

A nan na shigo lamarin. Ina riƙe wa wasu masu shaguna lissafi a Utako, kuma wani ɗan garinsu ne ya kawo shi wurina. Na ce masa ba zan iya cewa komai a kan abin da ba a rubuta ba. Muka sayi littafi ɗan 40, muka ja layi biyar a kowane shafi: lambar oda, unguwa, adadin da waya ta nuna, ko an biya a manhaja ko a hannu, da abin da kwastoma ya ce ya ƙara. Ya yi makarantar allo da firamare, yana rubuta Hausa da lambobi sarai, Turancin manhajar ne kawai ke ba shi wahala.

Na kuma ce ya roƙi mutum ɗaya da ya yarda da shi ya nuna masa rasit. Hajiyar Gwarinpa ya tambaya, da kunya. Ta ce, "Wannan ai ba abin jin nauyi ba ne, ɗana," ta ɗauki hoton allon ta turo masa. A ciki ga layin `Tip` da 1,000 a gabansa, ga lambar oda a sama. Da wannan hoton zargin farko ya faɗi: aƙalla ita ba faɗa kawai take yi ba, an cire kuɗin daga katinta.

A ƙarshen makon littafin ya nuna tafiya 62. Mutum 13 sun ce sun ƙara masa wani abu. Oda biyu a hannu aka biya, naira 7,500 da 4,500, jimla 12,000, kuma kamar yadda ya saba tun Janairu, ya miƙa wa ɗan ƙanen Alhaji su da dare. An gaya masa tun farko cewa wannan kuɗin kamfani ne, kada ya taɓa.

Ranar Talata 20 ga Mayu aka turo masa 49,860.

22 ga Mayu: takardar mako

Samun takardar shi ne aikin da ya fi wuya, domin neman ta a wurin Alhaji yana kama da tuhuma. Wani dattijo mai gyaran babura, wanda Alhaji ke kai wa aiki, shi ya shiga tsakani. Muka je gidan bayan la'asar. Direban ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zargi nake yi ba. So nake in san abin da mutane ke ba ni, don in san godiyar da zan yi musu." Alhaji ya ce, "Kai yarona ne, me zan ɓoye maka?" Ya sa aka buɗe imel ɗin. Ya zamana shi kansa bai taɓa karanta ta ba, alat yake dubawa. Ɗan ƙanen nasa kuwa layin ƙarshe na kowane babur yake kwafewa.

Na babur ɗin direbanmu layi biyar ne. Ladan tafiya 62 ya kama 80,600. Garaɓasar cika tafiya 60 a mako, 5,000. Tukwici daga oda 11, naira 9,500. Waɗannan uku sun haɗu sun ba da 95,100. Sai layi na huɗu, `Cash collected`, da alamar ragi a gabansa, 12,000. Layin ƙarshe, abin da aka tura banki, 83,100. Kashi 60 cikin 100 na 83,100 shi ne 49,860, daidai abin da aka ba shi, ko kwabo ba a rage ba.

Wato ɗan ƙanen Alhaji bai yi ƙarya a lissafinsa ba, amma adadin da ya raba ba shi ne ya kamata a raba ba, kuma ta fuska biyu.

Ta farko, tukwicin yana nan cikakke, kamfani bai taɓa shi ba, sai dai ya narke a cikin jimla an raba shi da mai babur. Daga 9,500 Alhaji ya samu 3,800 ba tare da ya san ya samu ba.

Ta biyu ta fi girma, kuma babu wanda ya zo nemanta. Idan kwastoma ya biya a hannu, direba ya karɓi kuɗin gidan abinci da na kamfani gaba ɗaya. Wannan kamfanin ba ya aiko kowa ya karɓa. Abin da yake yi shi ne ya ɗauka cewa ya riga ya biya asusun wannan adadin, ya cire shi daga abin da zai tura ranar Talata. Saboda haka naira 12,000 da direban ya miƙa da dare sun daina zama kuɗin kamfani tun daren Lahadi, sun zama wani ɓangare na kuɗin makon da ya kamata a raba. Ɗan ƙanen Alhaji yana ajiye su a gefe yana jiran ranar da za a nema, idan taya ta fashe ko ana bukatar baƙin mai a ɗiba a ciki. Kason direba a cikinsu 7,200 ne.

Muka sake lissafin a gaban kowa. Abin da ke hannun Alhaji shi ne 83,100 na banki da 12,000 na hannu, 95,100 ke nan. A cire tukwici 9,500 a ajiye wa mai shi, saura 85,600. Kashi 60 na wannan shi ne 51,360. A mayar da tukwici a kai, hakkin direba ya zama 60,860. Tazarar da ke tsakaninsa da abin da aka ba shi naira 11,000 ce cif, wato 3,800 da 7,200.

Saura mutum biyu daga cikin 13 da ba su fito a takardar ba. Lambar oda ce ta warware su. Ɗaya ya ƙara 1,000 ɗinsa ranar Litinin da safe a kan abincin da aka kai masa daren Lahadi, don haka ya faɗa mako na gaba, kuma mun gan shi a takardar 27 ga wata. Ɗayan, na 500, bai taɓa fitowa ba. Da direban ya sake kai masa oda ya tambaye shi cikin ladabi, mutumin ya duba ya ga an rubuta `Failed` a kan cirar ta biyu. Ya danna, ya rufe waya, bai tsaya ya ga ko ta wuce ba.

Yuni: sulhu da abin da aka rasa

Alhaji bai yi gardama a kan kuɗin hannu ba, da ya gane ya ce wannan hakki ne. A kan tukwici ne ya ɗan tsaya. Hujjarsa ita ce ba don babur ɗinsa ba da direba bai isa ƙofar da aka yi masa kyautar ba. Dattijon ya ce masa, "Alhaji, idan ka aiki yaro da ƙwaryar tuwo gidan surukanka aka ba shi tukwici, raba shi kake yi da shi don ƙwaryar taka ce?" Aka yi dariya, maganar ta mutu a nan. Garaɓasar mako kuwa an bar ta a rabon 60 da 40, domin lada ce ta yawan aiki, kuma babur na cikin abin da ke gajiya.

Aka buɗe takardun mako 18, daga 13 ga Janairu zuwa 18 ga Mayu. Tukwici ya kama 118,500, kashi 40 da aka ɗauka daga ciki 47,400. Wannan babu jayayya, yana rubuce. Kuɗin hannu a takardun kamfani 96,000 ne, amma littafin ɗan ƙanen Alhaji 70,000 kawai ya nuna an karɓa. Direban ya rantse ya miƙa duka. Yaron ya ce abin da ya rubuta shi ya sani. Babu rasit, babu shaida, a bakin ƙofa da dare ake miƙawa. Idan maganar direba ce gaskiya, yana bin 15,600 a cikin 26,000 ɗin da suka ɓata. Idan littafin ne gaskiya, shi ake bi 10,400. Aka yanke cewa kowa ya haƙura, ba mai biyan wani.

Abin da aka tabbatar shi ne 47,400 da 42,000, jimla 89,400. Alhaji ya biya sau uku, 29,800 kowane karo, na farko ana saura kwana biyu babbar Sallah, wadda ta kama 6 ga Yuni.

Sabuwar yarjejeniya a rubuce take, layi huɗu a takarda guda, kowa ya sa hannu. Tukwici a fara cire shi kafin rabo. Kuɗin hannu direba ya riƙe su a wurinsa, a lissafa su a matsayin abin da ya riga ya karɓa daga kasonsa, don a daina miƙa komai da dare. Duk Talata a turo wa kowane direba hoton layukansa biyar. Abin da ya zo a makare ya bi makon da takarda ta nuna shi. Sauran direbobi biyar ma a kan wannan tsarin aka mayar da su, kodayake biyu kawai suka nemi a duba musu baya.

Yuli zuwa Agusta: bayan gyara

Wata 'yar matsala ta ɓullo daga inda ba a zata ba. Asusun da direban ke karɓar kuɗi na manhajar waya ne a matakin farko, wanda ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta iyakance wa hada-hadar naira 50,000 a rana da ajiyar da ba ta wuce 300,000 ba. Muddin kasonsa yana ƙasa da 50,000 bai taɓa jin iyakar ba. Makon da kason da biyan bashin suka haɗu, ya tashi tura wa gida 55,000 aka ƙi. Ya ɗaga matakin asusun da lambar BVN da ta NIN da katin shaida, abin ya wuce. Ya kuma lura da naira 50 da a shekarar 2025 ake cirewa duk lokacin da 10,000 ko fiye suka shigo, ya zo yana tambaya ko wani sabon rami ne. Harajin gwamnati ne na tura kuɗi, wanda manhajojin kuɗi suka fara cirewa a Disamba 2024, ba ruwan Alhaji ko kamfani.

A mako takwas na Yuli da Agusta tukwicinsa ya riƙa kaiwa tsakanin 5,000 da 8,500 a mako, kusan kuɗin man kwana biyu. Damina ta taimaka, mutane sun fi tausaya wa wanda ya iso a jiƙe. Taurarinsa sun koma 4.8. Littafin bai daina ba, sai dai ya rage layukan zuwa uku. Yana tara kuɗin babur na hannu don ya yi rajista da sunansa, wanda zai buƙaci takardun babur da lasisi da asusun banki mai suna iri ɗaya da na rajistar. Zuwa ƙarshen Agusta bai kai rabi ba.

Abin da na gani a lamarin

A ganina kamfanin bai ci kuɗin kowa ba, kuma duk wani tukwici da aka cire daga kati mun same shi a takarda. Amma ban wanke shi sarai ba. Allon da ke tambayar kwastoma yana cewa kyauta ce ga mai kawowa, alhali a tsarin masu babura da yawa kuɗin asusun mai rajista suke zuwa, shi kuwa wanda ya sha rana an ba shi adadi a dunƙule. Da a ce wayar direba tana nuna layin tukwici daban, da lamarin nan bai wuce mako guda ba.

Alhaji sakaci ya yi, ba ha'inci ba, a iya abin da takardu suka nuna mini. Ya yi wata huɗu yana raba alat bai buɗe bayanin da ake aiko masa kowane mako ba. Kuskuren direban kuma shi ne miƙa tsabar kuɗi ba rubutu, kuma a nan ne kaɗai ya yi asarar da ba ta dawo ba.

Kiran kamfani da manna lamba a akwati sun gaza ne domin duka biyun an gina su a kan zaton cewa kuɗin ba sa fitowa daga manhajar. Suna fitowa. A tsakanin alat ɗin Alhaji da rabon ranar Talata suke ɓacewa, kuma ba a iya ganin wannan gurbin sai an ajiye abu uku a tebur guda: rasit ɗin kwastoma, littafin direba, da takardar mako, lambar oda tana haɗa su. A kan naira 26,000 ɗin da babu rubutun miƙa su kuwa, har yau kowane ɓangare yana nan a kan maganarsa.